Naira 45,000 da ta ɓuya a rahoton rabin shekara

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki na lissafi, jiya da daddare kolum ɗin bincikena ya nuna sifili daga sama har ƙasa, bayan kwana huɗu ina fama da layi guda, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi farin ciki ƙwarai. Rahoton na wata ƙaramar ƙungiyar masu sayar da dankalin turawa ne a nan Jos, wadda nake taya ma'ajinta aiki a Excel. Watanni shida, Janairu zuwa Yuni, suna kolum C zuwa H, sai kolum I mai kan `YTD`, wato jimillar abin da aka kashe daga farkon shekara zuwa yau.

Kuskurena na farko shi ne, tun Janairu binciken da nake yi ba bincike ba ne. Jimillar da ke kolum I fomula ce mai haɗa watannin, ni kuma sai in sake haɗa watannin in kwatanta, ka ga dole su zo daidai, tunda abu ɗaya nake gwadawa da kansa. A wannan karon sai na ɗauko jimillar kai tsaye daga leja, inda ake shigar da kowane rasit, na bar watannin yadda aka ba da rahotonsu, sannan na sa wannan a kolum J:

```
=ROUND(I5-SUM(C5:H5),2)
```

Na sa `ROUND` ne saboda wani lokaci kwamfuta takan bar ɗan ɓurɓushin da bai kai kwabo ba, sai akwatin ya ƙi zama sifili alhali babu wata matsala. Duk layukan suka fito lafiya, ban da layin kuɗin mota, wanda ya nuna bambancin naira 343,000.

Ga alƙaluman yadda suke a gabana: Janairu 312,000, Fabrairu 287,500, Maris 340,000, Afrilu 298,000, Mayu 365,500, Yuni 410,000. Leja ta ce jimilla 2,058,000 ce. Da na haɗa watannin da kalkuleta na sami 2,013,000, amma Excel yana ba ni 1,715,000. Wannan ɓangaren bai ɗauke ni lokaci ba. Na rubuta `=COUNT(C5:H5)` sai ya ce 5 maimakon 6, kuma da na duba da kyau na ga adadin Afrilu ya jingina hagu a cikin akwatinsa, sauran kuwa suna dama. Daga saƙon waya na kwafo shi, ya zo da ɓoyayyen fili a ƙarshensa, don haka Excel ya ɗauke shi rubutu, shi kuma `SUM` yana tsallake rubutu ne shiru ba tare da ya yi gargaɗi ba. `TRIM` bai cire irin wannan filin ba, sai da na yi haka a wani akwati daban, na mayar da adadin da ya fito cikin F5, akwatin Afrilu:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(F5,CHAR(160),""))
```

Bambancin ya sauko zuwa 45,000, kuma a nan ne wahalar ta fara.

Kun san ƙa'idar nan da ake koya mana, cewa idan bambanci ya rabu da 9 babu saura, a yi zargin an juya lambobi biyu, kamar a rubuta 72,000 a wurin 27,000. To, 45,000 ta rabu da 9 daidai, ta ba da 5,000. Na riƙe wannan zargi tamau, na zauna dare biyu da jakar rasit ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda aka juya 16 da 61, ko 38 da 83, ko 49 da 94. Ban sami ko ɗaya ba. Na gwada rabinta, 22,500, ko an shigar da wani kuɗi a ɓangaren shiga maimakon fita, shi ma babu. Abin ya ba ni takaici matuƙa, domin na riga na buga kwafi talatin na rahoton saboda taron mambobi, kuma na san naira 9,000 ɗin da na biya a wurin bugawa ta tafi ke nan. Ƙa'idar ta 9 alama ce kawai, domin a cikin kowane adadi tara akwai ɗaya da zai rabu da 9 ko da ba a juya komai ba, amma a daren ban tsaya na yi wannan tunanin ba.

A rana ta uku na daina tambayar wane rasit ne, na koma tambayar a wane wata bambancin ya fara. Allah ya sa ina ajiye rahoton kowane wata yadda aka fitar da shi, tare da jimillar leja ta ranar da aka rufe watan. Sai na jera su, ina ɗaukar jimillar watan da ya wuce in ƙara ta wannan watan in ga ko za ta ba ni sabuwar jimilla. Maris ya tsaya a 939,500, daidai. Afrilu 1,237,500, shi ma daidai. A Mayu ya kamata in ga 1,603,000, amma leja ta ce 1,648,000. Ke nan a Mayu kuɗin suka shigo. Na tace duk abin da ke ɗauke da kwanan watan Mayu, jimillarsu ta tsaya cur a 365,500, babu ƙari ko kwabo.

Da safe na je wurin ma'aji da takardun, na ce masa, "Baba, akwai wani kuɗin mota na 45,000 da ya zo a makare?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya buɗe durowa ya ciro wani rasit da ya sha ninki, gefensa duk jar ƙasa. Na wani direba ne da ya ɗauko buhuna daga Bokkos ranar 28 ga Maris, bai kawo takardar ba sai tsakiyar Mayu. Ma'aji ya shigar da ita a Mayu, amma da kwanan watan da ke jikinta. Saboda haka ta shiga jimillar shekara, ba ta fito a rahoton Mayu ba tunda kwananta na Maris ne, kuma ba ta cikin adadin Maris da ke hannuna tunda na kwafe shi tun farkon Afrilu. Maris a leja ya riga ya koma 385,000, ni kuwa ina riƙe da 340,000. Babu wanda ya ɓatar da kuɗi, kuma da na sake tace Maris tun ranar farko, da na gan shi cikin minti biyar.

Sai batun yadda za a gyara. Ana iya barin Maris yadda mambobi suka gan shi, a nuna 45,000 a matsayin gyara a watan da aka shigar da ita, ana kuma iya sauya Maris ɗin. Na zaɓi in mayar da Maris 385,000 tare da bayani a ƙasan shafi, domin a Maris aka yi jigilar, kuma duk cikin shekara ɗaya ne da ba a rufe ba. Abin da ban yarda in yi ba shi ne in cusa adadin cikin Yuni don kawai kolum J ya nuna sifili.

Yanzu na ƙara wa leja kolum na ranar shigarwa daban da ranar rasit, kuma watannin ina jawo su ne da `SUMIFS` maimakon in kwafe su da hannu, tare da ajiye tsohon adadi a gefe don in ga duk watan da ya motsa bayan an rufe shi. Na kuma cire layin ragowar kuɗin banki da na kayan da ke sito daga wannan binciken, domin su ba a haɗa watanninsu, adadin ƙarshen Yuni shi ne na zuwa yau. Layin kashi cikin ɗari na riba ne ya rage mini, wanda dole in lissafa shi daga jimillar riba da jimillar ciniki, kuma shi zan zauna a kai ranar Asabar kafin in mayar da rahoton wurin bugawa.