Da'awa ta huɗu da na raba biyu

Ranar Talata na shiga ofis da la'asar, na tarar da ɗan ƙanwata ya duƙufa a kan fassarar takardar haƙƙin ƙirƙira da na ba shi ya gwada hannunsa. Na tsaya a bayansa ina kallo. Ya iso wata doguwar da'awa mai layi tara, babu aya ko ɗaya sai a ƙarshe. Ya yi tsaki, ya kai alamar rubutu tsakiyar jimlar, yatsansa na kan `Enter`. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Kawu, ai numfashi kawai zan ba ta, ba mai iya karanta wannan." Maganar da na faɗa wa kaina ke nan shekara 11 da suka wuce, a wannan ɗakin na Garwa.

Ga wanda bai san aikin ba: takardar tana da bayani mai tsawo da zane-zane, amma abin da doka ke karewa yana ƙarshe, a jerin da'awowi masu lamba, waɗanda da Faransanci ake ce musu rabandikasiyo. Ta ɗaya tana tsaye da ƙafarta. Sauran yawanci jingina suke yi, kowace ta kira lambar wadda ta gabace ta, ta gaji duk abin da ke cikinta, sannan ta ƙara nata.

A wancan karon, wani maƙeri ne ya ƙera injin ɓare gyaɗa, ya shigar da takardarsa da Faransanci a OAPI, ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde. Rajistar can tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi, amma Najeriya ba ta ciki, kuma kasuwar da yake hange tana Yola da Mubi. Yarjejeniyar Paris ta ba shi wata 12 ya shigar a wata ƙasa ya riƙe ranarsa ta farko. Da kwana huɗu ya rage aka kawo mini shafi 22 in mayar Turanci.

Da'awowinsa tara ne. Ta ɗaya ta ce inji mai mazurari da ganga mai juyawa da rariya. Ta huɗu ita ce doguwar, tana bayanin fanka mai hure ɓawo da bututun da iskar ke bi. Ta biyar ta kawo bel mai juya gangar. Ta bakwai kuma ta ce inji bisa da'awa ta biyar, wanda bel ɗin nan nasa yake da abin ɗaurewa.

Ni kuwa na ga ta huɗu ta yi tsawo, na raba ta biyu, fanka daban, bututu daban. Kwamfuta ta gyara lambobin gefe da kanta, tara suka zama goma, na ji daɗi. Lambobin da ke cikin jimloli kuwa da hannu aka buga su, ba su motsa ba. Tsohuwar ta bakwai ta zama ta takwas, tana nan tana cewa `according to claim 5`, alhali ta biyar yanzu bututun iska ce. Sai ga da'awa tana maganar `said belt`, wato bel ɗin da aka riga aka ambata, kuma ko ka bi asalinta har ta ɗaya ba za ka ga bel ba. Rabawar kanta ma ɓarna ce. Mai injin ya nemi kariya ga fanka tare da bututunta, ni na ƙirƙiro masa da'awar fanka ita kaɗai, wadda bai taɓa rubutawa ba.

Ba zan ce duk laifina ba ne. Watan Afirilu ne, wanda ya san zafin Garwa ya san abin da nake nufi, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, kuɗin kuma ba wani abin kirki ba. Kuma duk horon da na samu na fassarar wasiƙu da rahotanni ne, inda ake yaba maka idan ka sassauta jimla. Ba wanda ya taɓa ce mini a nan munin jimla ba aibu ba ne. To, amma umarnin da aka haɗo da aikin ya ce kada a canza lambobi. Na gani. Na ɗauka ban canza ba, tunda kwamfuta ce ta canza.

Akwai na biyu, wanda ya fi ba ni kunya. Kalmar `comprenant` ta maimaitu har ta gundure ni, sai a da'awa ta ɗaya na sa `consisting of` maimakon `comprising`, wai don ado. A wannan fage ta biyun ƙofa ce a buɗe: inji mai waɗannan sassa uku, ko da an ƙara masa wasu, yana cikin kariya. Wadda na zaɓa rufaffiya ce, sassa ukun nan kawai. Duk mai walda da ya kwafi injin ya liƙa masa sashe na huɗu yana da bakin cewa nasa daban ne. Da na natsu da na gane, domin da'awowin da ke ƙasa suna ƙara fanka da bel, kuma ba a ƙara kaya a ɗakin da aka ce ya cika.

Lauyan da zai shigar da takardar a Abuja ne ya gano, ana gobe wa'adi zai cika. Allah ya rufa asiri, domin rajistar Najeriya tsarin takardu take dubawa, ba ta bin ƙirƙirar ciki, da haka za ta wuce sai ranar da aka je kotu. Na kwana ina gyara. Maƙerin bai zage ni ba, ya ce "Malam, ba komai," kuma bai sake kawo mini ko wasiƙa ba.

Na yi niyyar zaunar da yaron nan in jero masa ƙa'idoji goma. Da na buɗe baki kaɗan ne suka fito. Na ce, ɗana, da'awa tara ta shigo, tara za ta fita, kowace a lambarta, kowace jimla ɗaya. Kashe lambobin da kwamfuta ke sawa da kanta, ka buga da hannu. Kafin ka fassara kalma ɗaya, ɗauki biro ka rubuta lambobin a takarda, ka ja kibiya daga kowace zuwa wadda ta jingina da ita: 7 zuwa 5, 5 zuwa 1. Idan ka gama ka sake zana na Turancin, ba tare da kallon na farko ba, ka ɗora su. Sannan duk inda ka rubuta `said`, ka bi kibiyar baya har ka ga inda aka fara ambaton abin, da sunan nan dai. Ganga ta zauna ganga, kada ta koma tulu a shafi na gaba.

Ya ce minti nawa wannan zai ci. Ashirin! Yaran yanzu za su yi awa biyu suna shafa waya, amma minti ashirin da biro ya zama azaba.

Sai ya tambaye ni, idan asalin ne ke da kuskure fa? Na ce kada ka gyara komai, fassara kuskuren yadda yake. Can kuma na ji kaina ina cewa wanda ya ga lamba ta karkace ya miƙa aikin haka nan, ba mai fassara ba ne, injin buga takarda ne. Ya ce, "To Kawu, wanne zan ɗauka?" Na ce ka bar shi a cikin fassarar, ka rubuta wa lauyan a takarda daban cewa da'awa kaza tana kiran kaza kuma bel babu a can, shi ke da ikon taɓawa. Ko da yake, in faɗi gaskiya, na taɓa gyara irin wannan shiru-shiru sau biyu, kuma ba abin da ya faru.

Jiya na leƙa teburinsa. Ya zana kibiyoyin, amma na Faransancin kawai.