Gwiwar hannu da kafaɗa: inda aikin katun ke cin lokacinmu

Ƙaramin shago nake da shi a nan Sakkwato, muna haɗa katun na talla da na wayar da kai, kuma da manhajar Blender muke aiki. Mai ba da aiki yakan ɗauka cewa da an ƙera mutum an saka masa ƙasusuwa, sai motsi kawai. Amma tsakanin nan da can akwai fentin nauyi, wato gaya wa kowane ɗigo na fatar jikin wane ƙashi zai bi, kuma da wane ƙarfi. A Weight Paint, sashen da ake wannan fentin a Blender, ana ganin abin da launi: shuɗi sifili ne, ja 1, kore kuwa 0.5.

Aikin da ya fi nuna wannan shi ne wani ɗan dambe da muka ƙera. Ba riga a jikinsa, don haka babu babbar riga da za ta rufa mana asiri. Yaron shagona ya danna Ctrl+P, ya zaɓi With Automatic Weights don manhajar ta raba nauyin da kanta, ya lanƙwasa hannun, sai gwiwar ta tsuke kamar tiyon ban ruwa da aka naɗe. Ya ce, "Maigida, in ƙara goge wurin da Blur?" Na ce a'a, gogewa za ta ƙara ɓata shi.

Dalilin lissafi ne. Ɗigon da ya raba nauyinsa rabi da rabi tsakanin ƙashin dantse, upper_arm.R, da na sangalin hannu, forearm.R, yana sauka ne a tsakiyar wuraren da ƙasusuwan biyu za su kai shi, a miƙaƙƙen layi. Saboda haka yana matsowa kusa da mahaɗa. A lanƙwasar digiri 90, nisansa da mahaɗar yana komawa kusan kashi 71 cikin 100 na yadda yake. A digiri 120 rabi ne cif. Idan aka faɗaɗa wurin da nauyin ya gauraya, ɗigogi da yawa ne za su faɗa wannan matsala, hannun ya zama kamar babu ƙashi a ciki.

Kafin mu taɓa burushi sai da muka duba zobban ɗigogin da suka kewaye gwiwar. Guda ɗaya ne tak, kuma babu fentin da zai gyara wannan. Muka mai da su uku. Zoben tsakiya muka ba shi 0.5 da 0.5, na sama ya ɗauki kimanin 0.85 na dantse, na ƙasa 0.85 na sangalin hannu, daga nan gaba kowa ya bi ƙashinsa kaɗai. Mahaɗar kanta muka ɗan matsar da ita baya, wajen tsinin gwiwa, sannan ɗigogin tsinin muka ƙara musu nauyin forearm.R don ya fito da kaifi. A ciki, inda fata ke naɗewa, na bar naman sama da na ƙasa su ɗan shiga juna. Mai kallo ba ya ganin wannan, amma yana ganin rami. Duk wannan da Auto Normalize a kunne, don jimillar nauyin kowane ɗigo ta tsaya a 1, kuma hannun a lanƙwashe muke fenti, ba a miƙe ba.

Kafaɗa ta fi wuya, domin ba gefe ɗaya take juyawa ba. Da ɗan damben ya ɗaga hannu zai kai naushi, saman kafaɗar ya lotsa, hammata kuma ta jawo haƙarƙari waje. Jan hammatar nauyin upper_arm.R ne da ya malala har gefen ƙirji, muka cire shi da Subtract har wurin ya koma shuɗi. Lotsawar saman kuwa rabinta ba laifin fenti ba ne. Ɗaga hannunka sama da kai ka taɓa kafaɗarka, za ka ji ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya tashi tare da shi. Yaron ya bar wannan ƙashin, wato shoulder.R, a kwance, dantse kaɗai ke ɗaukar juyin duka. Da muka raba juyin tsakaninsu, muka kuma ba shoulder.R saman kafaɗar da ɗan rabo a tushen dantse, tsokar ta dawo da cikarta.

Wasu za su ce a kunna Preserve Volume, zaɓin da ke kiyaye cikar jiki wajen lanƙwasa, a huta. Yana hana tsukewa, gaskiya ne, amma yakan kumbura bayan gwiwa da kafaɗa, kuma in za a kai aikin manhajar wasa, galibi ba ya bin fayil ɗin. Ni ina gwada shi a ƙarshe ne, bayan fenti ya zauna.

A digiri 140 gwiwar ɗan damben ta ci gaba da ɗan matsewa. Nan na tsayar da fenti, muka yi shape key guda, wato gyararriyar siffar wurin da ake ajiyewa, muka ɗaura shi a kan juyin forearm.R da driver, abin da ke sa shi bin juyin da kansa, yana cika naman a hankali yayin da hannun ke naɗewa. Shi ya sa yanzu nake tambayar mai aiki tun ranar ciniki ko mutumin nasa zai sa riga, domin farashin ba ɗaya ba ne.