Talata: takardar tambayoyi ta dawo

Da safe na tarar da ambulan a kan teburina. Ƙungiyar manoman da muke binciken lissafinta ta maido da takardar tambayoyin da muka aika mata, tambaya 42, an cike kowacce da biro. Kusan duka amsar "eh" ce. Oga ya leƙo ya ce, "Hajiya, kafin la'asar ina son ganin abin da ke hannunmu da abin da babu."

Na buɗe Excel na ja gurabe takwas: lambar tambaya, tambayar, amsarsu, shaidar da ya kamata a gani, matsayin shaidar, abin da ya rage, tambayar da zan mayar musu, sai wanda zai amsa da ranar da muke jira. Amsa kuwa yadda suka rubuta ta nake kwafe ta, ko da jimlar ta karkace. Idan na gyara ta, maganata ce ta shiga bakinsu, gobe kuma su ce ba haka suka faɗa ba. A gurbin matsayi kalma uku kawai na yarda da su: cikakkiya, rabi, babu.

Tambaya ta 17 ce ta ci mini lokaci. Mun tambaya ko ana ƙirga kayan sito duk wata, kuma ko wanda ke ƙirgawar daban yake da mai riƙe da makulli. Tambaya biyu ke nan a riga ɗaya, su kuma suka ba da "eh" guda. Wacce suka amsa? Na raba ta gida biyu, 17a da 17b. Shida irinta na samu, layukan suka koma 48.

Ga 17a, shaidar da ake nema ita ce takardar ƙirge ta kowane wata, goma sha biyu a shekara. Na zazzage fayil ɗin da suka haɗo, tara na samu. Babu ta Yuni, Yuli da Agusta. Wannan ya tsaya mini a rai, domin watannin damina ne, lokacin da taki ke shiga yana fita kamar ruwa. Na sa "rabi", na rubuta sunayen watannin uku a gurbin abin da ya rage. "Takardu ba su cika ba" ba ta amfanar kowa. Mai nema a ɗakin fayil yana bukatar ya san me zai ɗauko.

Ga 17b, duk takardun taran sa hannu ɗaya ne a kansu, na mai sito. Wurin da aka ware wa mai dubawa fayau yake. Nan na sa "babu". Mai yiwuwa wani ya tsaya ana ƙirgawa bai sa hannu ba, amma abin da ban gani ba ba zan rubuta shi ba. Ƙa'idar ISA 500, wato ƙa'idar duniya kan hujja a binciken lissafi, ita ma ta nuna cewa tambaya ita kaɗai ba ta cika isa hujja ba.

Wurin tsara tambayar da za a mayar na fi taka-tsantsan. Da farko na rubuta, "Me ya sa ba a ƙirga kaya da damina ba?" Na goge, domin zargi ne, kuma ban san ba a ƙirga ba. Na mayar da ita: "A kawo takardun ƙirge na Yuni zuwa Agusta. Idan ba a yi ƙirgen ba, a faɗa a rubuce. Wa ke halarta ban da mai sito, kuma a ina yake sa hannu?" Ita wannan ba a amsa ta da "eh".

Bayan azahar, da na jera layukan da suka shafi kuɗi kusa da juna, wani abu ya fito. A ta 8 kashiya ta ce kullum ake kai kuɗi banki. A ta 23 akanta ya ce duk Juma'a. A takarda shafi uku ne tsakaninsu, sau biyu na karanta ban lura ba. Ban zaɓi wanda zan gaskata ba. Na nemi takardun ajiya na banki na wata guda da littafin kuɗi na watan, kwanan watan da ke jikinsu zai raba gardama.

Na ƙirga da wannan, ina sauya kalmar ga kowane matsayi:

```
=COUNTIF(E2:E49,"babu")
```

Babu 11, rabi 16, cikakkiya 21. Jimilla 48, ba layin da ya ɓace.

Oga ya duba ya ce in haɗe tambayoyin kowane mutum wuri guda, kada mai sito ya karɓi na akanta. Na tace su, na buga takarda huɗu. Na kira sakataren ƙungiyar na ce, "Malam, ba laifi muke nema ba, takardu ne suka rage." Ya ce Alhamis da ƙarfe goma zai tara mana su in sha Allahu, har da makullin sito, don ina son mu ƙirga buhunan da idonmu.