Kafin agogo ya rufe koke, a fara sanin wa ake jira

A sashen karɓar koke-koken kwastomomi na kamfanin da nake aiki, mai sayar da kayan sola a kan biya kaɗan-kaɗan, akwai dokar da ke aiki ba dare ba rana ba tare da wani ya taɓa ta ba. Idan koke ya daɗe babu motsi, ko dai manhaja ta rufe shi, ko ta tura shi gaba wurin oga. Abin da shekarun da na yi a wannan teburi suka koya mini shi ne, yawan kwanakin da aka sa wa dokar ba shi ne babban abu ba. Babban abu shi ne sanin hannun wa maganar take a lokacin da agogo ke tafiya. Idan kwastoma ake jira, ana iya rufewa bayan an tuna masa. Idan mu ake jira, rufewa zalunci ne, sai dai a ɗaga maganar sama.

Manhajar da muke amfani da ita, Zendesk, ta raba wannan tun daga sunayen matakan tikiti, wato fayil ɗin da ake buɗe wa kowane koke. `Open` na nufin aiki yana hannunmu. `Pending` na nufin mun yi wa mai koke tambaya muna jiran amsarsa, kuma da zarar ya amsa, tikitin zai koma `Open` da kansa. Akwai `On-hold` na lokacin da muke jiran wani na uku, kamar banki ko mai kawo kaya. Sai `Solved`, wanda kwastoma zai iya farfaɗo da shi idan ya sake magana, da kuma `Closed`, wanda ba ya sake buɗuwa. Duk wanda ya yi magana a kan tikitin da ya kai `Closed`, sabon tikiti za a buɗe masa. Dokar da manhajar ke zuwa da ita tana mayar da `Solved` zuwa `Closed` bayan kwana 4, kuma ko an tsawaita, ba ya wuce kwana 28.

Bari in ɗauki irin koken da ya fi zo mana. Wata Hajiya mai shagon sayar da ruwan sanyi ta tura kuɗin wata ta banki, amma lambar da za ta danna a na'urarta wuta ta dawo ba ta zo ba. Ta kira ranar Alhamis, ma'aikaci ya duba bai ga kuɗin ba, ya ce, "Hajiya, don Allah a turo mana hoton rasit ɗin." Da ƙarfe 3 na yamma ya sa tikitin a `Pending`. Daga wannan lokaci agogo ya fara, kuma dokarmu ta farko tana da wannan siffa:

```
Status | Is | Pending
Hours since pending | (business) Greater than | 27
Tags | Contains none of the following | tuni_1
Add tags | tuni_1
```

Tare da sa wa tikitin alamar `tuni_1`, dokar na aika wa Hajiya saƙon tuni. Kowane layi a nan yana da dalilinsa. Awa 27 kwana uku ne na aiki, tunda muna buɗewa daga ƙarfe 8 zuwa 5, awa tara ke nan a rana. Lissafin zai ci awa biyu na Alhamis, tara na Juma'a, tara na Litinin, bakwai na Talata, tunin ya fita bayan ƙarfe 3 na ranar Talata. Da da awannin kalanda aka ƙirga, wato awa 72 a jere, da ranar Lahadi zai fita, lokacin da ko ta amsa babu kowa a ofis. Abin ya fi muni a lokacin Sallah. Manhaja ba ta san ganin wata ba, kuma gwamnati kan sanar da ranakun hutu ne ana saura 'yan kwanaki, saboda haka dole wani ya shigar da su da hannu cikin jadawalin aiki. Idan aka manta, mutane suna can suna yawon Sallah, agogo yana cin kwanakinsu.

An zaɓi `Greater than` maimakon `Is` ne saboda waɗannan dokoki sau ɗaya suke zagayowa a kowace awa. Idan ka ce sai daidai awa ta 27, duk ranar da zagayen ya tsallake tikitin a wannan awa, shi ke nan ya kuɓuce har abada. Amma "fiye da 27" kuma gaskiya ne a awa ta 28 da ta 29 da duk na bayansu, wanda ke nufin Hajiya za ta riƙa samun tuni kowace awa. Aikin alamar `tuni_1` ke nan: da an aika sau ɗaya, sharaɗin ya karye. Sai kuma a yi wata ƙaramar doka da ke cire alamar idan kwastoma ya amsa, domin in ba haka ba, ranar da tikitin ya sake komawa `Pending` ba za a tuna masa ba, sai dai kawai ya ga an rufe.

Doka ta biyu ita ce mai kai tikitin `Solved` bayan ƙarin kwana biyu na aiki, kuma tana neman alamar `tuni_1` kafin ta yi aiki, don kada a rufe wa wanda ba a gargaɗa ba. Ban taɓa yarda dokar ta kai shi `Closed` kai tsaye ba. 'Yan kwanakin da ke tsakanin matakan biyu su ne ƙofar da aka bar wa mutum a buɗe, ya dawo ya tarar da tarihin maganarsa a wuri ɗaya, ba sai ya sake bayani daga farko ba.

Duk wannan gyaran injin ne, kuma yana da sauƙi. Inda abin ke lalacewa da gaske shi ne wurin mutane. A ce Hajiya ta turo rasit ranar Juma'a, ma'aikaci ya ga lallai kuɗi sun fita, amma sai sashen kuɗi ya daidaita da banki kafin a ba ta lamba. Sai ya rubuta mata, "Mun gani, Hajiya, muna kan dubawa," ya mayar da tikitin `Pending`. Ba mugunta ba ce. Ana auna shi da yawan tikitin da ke `Open` a gabansa, kuma wannan ce hanya mafi sauri ta rage su. Amma ita dokar ba ta karanta saƙo, mataki kawai take gani. Bayan kwana uku za ta ce wa Hajiya muna jiran amsarki, alhali ba a tambaye ta komai ba. Bayan kwana biyu kuma ta sanar da ita an warware matsalarta. Firjinta a kashe, kuɗinta a hannunmu, rahoton wata kuma yana nuna cewa sashenmu ya yi ƙoƙari. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan, domin dokar da aka kafa don kada a manta da mutane ita ce ta binne mantuwar.

Ana iya gane wannan cuta, kuma ba wuya. Duk tikitin da doka ta rufe muna sa masa alama ta daban, don kada ya gauraya da waɗanda mutum ya warware. A ƙarshen mako nakan ɗebi wasu daga cikinsu in karanta saƙonmu na ƙarshe kafin tuni. Idan babu tambaya a cikinsa, babu abin da aka nemi kwastoma ya yi, to ba a `Pending` ya kamata ya zauna ba. Abu na biyu da ke nuna cutar shi ne yawan waɗanda suka dawo da magana ɗaya bayan an rufe. Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba, kuma shirunsu ba yarda ba ce. Da yawa cikin kwastomominmu adireshin imel ɗin da ke fayil ɗinsu wakilin da ya sayar musu da kaya ne ya cike, ba sa buɗe shi. Tunin da ya tafi can kamar sallama ce a ƙofar gidan da babu kowa. Shi ya sa na dage a riƙa tura shi ta saƙon waya, da Hausa, a faɗi abin da ake nema da ranar da za a rufe.

Ɗaya ɓangaren, wato ɗagawa sama, shi ma yana da nasa tarko. Mutane kan gina shi a kan `Hours since update`, wato awannin da suka wuce tun da aka sabunta tikitin, alhali kowane irin taɓi yana mayar da wannan agogo baya. Ma'aikaci ya rubuta "ana dubawa" a bayanin cikin gida, agogo ya koma sifili, tikiti ya yi wata guda bai taɓa tsufa ba. Gara a ƙirga daga abin da ba ya goguwa da taɓi, kamar lokacin da aka buɗe koken ko lokacin da kwastoma ya yi magana ta ƙarshe. Sannan ɗagawar da ta tsaya a aika wa oga imel ba ɗagawa ba ce. Ogan da ke samun irin wannan saƙo da yawa a rana, kafin mako biyu ya daina buɗe su. A wurinmu, idan tikitin kuɗi ya wuce kwana biyu na aiki a `On-hold`, ana ƙara masa matsayin gaggawa, ya fita daga hannun ma'aikacin ya shiga layin shugabar sashe da sunanta a kai. Tun daga nan ita ce za a tambaya. Tikitin da ke `Open` ko `On-hold` kuwa babu dokar da ke rufe shi, komai daɗewarsa.

Akwai hanya ta uku da ba rufewa ba, ba ɗagawa ba, wato a ɗauki shiru a matsayin amincewa. Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta bi wannan hanya a watan Mayun 2017, lokacin da Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarnin da ya ce takardar neman izini ko rajista da hukuma ba ta amsa ba cikin wa'adin da ta ɗibar wa kanta, a ɗauka an amince da ita. Hikimar ita ce nauyin jinkiri ya koma kan mai jinkirin. Na kawo wannan shawara a wurinmu kan mayar da ƙananan kuɗi: idan rasit ya tabbata, adadin bai wuce kuɗin wata ɗaya ba, kuma sashen kuɗi bai ce komai ba cikin wa'adi, a saki lambar, a daidaita lissafi daga baya. Asarar da za a iya yi ƙarama ce kuma ana iya gyara ta. Amma ban yarda a yi haka da buƙatar canza lambar wayar da ke kan asusu ba, ko buƙatar ba wa ma'aikaci izinin shiga bayanan kwastomomi. Waɗannan idan wa'adinsu ya cika babu wanda ya sa hannu, su mutu, mai nema ya sake nema, domin ɓarawo ma ya iya cike fom ya zauna ya jira kwana uku.