Tambayar kalsiyam da ta kayar da ni a kan tayazayid

Na shiga jarrabawar baka ta ilimin aikin ƙoda ina da yaƙinin cewa na gama da magungunan sa fitsari, domin na yi makonni ina bin tataccen ruwa tun daga matatar ƙoda har zuwa bututun tarawa, ina tsayawa a kowane sashe na nefuron, wato ɗan siririn bututun da ƙoda take aikin tace jini da shi, in tambayi kaina abin da zai canza idan aka toshe wurin. Hanyar ta yi mini aiki ƙwarai. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 a rana, fitsarin da ke fita kuwa bai wuce lita ɗaya da rabi ba, kuma sodiyam yana komawa jini kashi-kashi: kusan 65 cikin ɗari a bututun farko, kusan 25 a kaurin reshen lanƙwasar Henle mai hawa sama, kusan 5 a bututun nesa, ɗan ragowar kuma a bututun tarawa. Da waɗannan alƙaluma kaɗai na gane dalilin da ya sa furosemayid, mai aiki a reshen Henle, ya fi tayazayid, mai aiki a bututun nesa, ƙarfi, da kuma dalilin da ya sa asetazolamayid yake da rauni duk da cewa a sashe mafi girma yake aiki, tunda sassan da ke gaba suna kwashe yawancin abin da ya tsere masa.

Mai jarrabawar ya ba ni labarin wani mutum mai shekara 52 da hawan jini, wanda tsakuwar ƙoda ta kalsiyam ta sha dawo masa, kuma kalsiyam ɗin fitsarinsa na awa 24 ya kai miligiram 350. Ya tambaye ni wanne zan zaɓa tsakanin furosemayid da tayazayid. Na amsa ba tare da jinkiri ba cewa dukansu biyun suna ƙara zubar da kalsiyam, tunda duk suna hana gishiri komawa jini, saboda haka gara furosemayid domin yawan fitsarinsa zai wanke bututun. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Ɗalibi, ta wace ƙofa kalsiyam yake komawa jini a kowane ɗayan wuraren nan biyu?" Na ce, "Malam, yana bin sodiyam ne." Bai ƙara cewa komai ba, ya wuce zuwa wata tambayar, kuma makin da na rasa a nan shi ne ya sauko da ni daga matakin da na yi wata guda ina hari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hanyar tawa ba ta da laifi, ni ne na yi mata rabin aiki. Na bi sodiyam da ruwa kawai, sannan na ɗauka cewa duk abin da ke cikin bututu yana tafiya a bayansu kamar jela. A daren nan na sake zana sassan biyu, wannan karon ina rubuta cajin lantarkin da ke cikin bututu da kuma ƙofar da kowane sinadari yake bi.

A kaurin reshen Henle, mai ɗaukar kaya NKCC2 yana shigar da sodiyam ɗaya, fotasiyam ɗaya da kulorayid biyu cikin ƙwayar bangon bututu. Yawancin fotasiyam ɗin ba ya wucewa jini, yana sake zubowa cikin bututu ta ƙofar ROMK, kuma wannan dawowar ce take sa cikin bututu ya ɗauki caji mai alamar ƙari. Kalsiyam da maginisiyam, waɗanda su ma cajinsu na ƙari ne, sai wannan caji ya tura su ta tsakankanin ƙwayoyin su koma jini. Galibinsu ba sa shiga cikin ƙwayar. Idan furosemayid ya toshe NKCC2, dawowar fotasiyam ta tsaya, cajin ya ɓace, kalsiyam da maginisiyam su zarce zuwa fitsari. A nan hasashena ya yi daidai, amma bisa dalilin da ban sani ba, kuma da na ba mutumin nan furosemayid da na ƙara wa fitsarinsa ainihin abin da ke haɗa masa tsakuwa.

A bututun nesa lamarin ya juya gaba ɗaya. Tsakankanin ƙwayoyin wannan sashe a matse yake, don haka dole kalsiyam ya ratsa ta cikin ƙwayar: yana shiga ta ƙofar TRPV5 a gefen bututu, ya fita ta gefen jini ta hanyar musaya, inda sodiyam uku suke shigowa a madadin kalsiyam ɗaya da ya fita. Tayazayid yana toshe NCC, mai shigar da sodiyam da kulorayid daga bututu, sai sodiyam ɗin cikin ƙwayar ya ragu. Da ya ragu, sodiyam na gefen jini ya ƙara samun ƙaimin shigowa, musayar ta ƙara sauri, kalsiyam ya ƙara komawa jini. Akwai kuma dalili na biyu da na manta da shi saboda na saba kallon gaba kawai: idan ruwan jiki ya ɗan ragu, bututun farko yana ƙara tsotsar sodiyam da ruwa, kalsiyam kuma ya bi su tun a can baya. Sakamakon shi ne kalsiyam ɗin fitsari yana raguwa, shi ya sa tayazayid yake dacewa da mai tsakuwar kalsiyam, shi ya sa kuma yake iya ɗaga kalsiyam ɗin jini har ya tona ciwon faratayirod da ke ɓoye.

Fotasiyam bai taɓa wahalar da ni ba. Dukan magungunan biyu suna aika sodiyam mai yawa zuwa bututun tarawa, inda yake shiga ƙwayar ta ƙofar ENaC ya bar cikin bututu da caji mai alamar ragi, wanda ke jawo fotasiyam waje, aldositeron kuma yana ƙara rura wutar. Amilorayid da sifironolakton suna rufe wannan hanya, don haka fotasiyam yake taruwa. Wataƙila sauƙin wannan ne ya ruɗe ni, na ɗauka cewa tunda magungunan biyu sun yi tarayya a fotasiyam, to a komai ma haka ne.

Bayan wata biyu wani malami ya tambaye mu a ɗakin marasa lafiya dalilin da ya sa tsohuwar da ke shan tayazayid ta zo da sodiyam ɗin jininta ya faɗi zuwa 122, alhali furosemayid mai ƙarfi bai cika jawo haka ba. Bakina ya so ya ce mai ƙarfin ne ya kamata ya fi ɓarna, irin amsar da ta kayar da ni, sai na tsaya na tambayi kaina me kowane sashe yake ginawa ban da tsotsar gishiri. Kaurin reshen Henle ne yake tara gishiri a can cikin ƙoda har kaurin ruwan wurin ya kai kusan miliyosmol 1,200, kuma da wannan kauri ne sinadarin ADH, mai sa jiki ya riƙe ruwa, yake jawo ruwa daga bututun tarawa. Furosemayid yana rushe shi, don haka ko ADH ya yi yawa ruwa ba ya samun abin da zai ja shi. Tayazayid kuwa yana barin kaurin yadda yake, ya hana bututun nesa tsarma fitsari, sai jiki ya zubar da gishiri ya riƙe ruwa. Na faɗi haka, malamin ya gyaɗa kai ya ce a dakatar da maganin a sake auna sodiyam da safe.