Turancin da na koya a Damagaram, da wanda na tarar a Glasgow

Ni ɗan Damagaram ne, da Faransanci muka yi boko, Turanci kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da na sa rai da digiri na biyu a Glasgow ta ƙasar Scotland sai suka ce sai na kawo maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma kar wani ɓangare ya gaza 6. Karatu ina ɗan taɓawa, amma kunne da baki wallahi babu. Gashi ɓangaren sauraro tambaya 40 ne kuma sau ɗaya tak ake kunna maka murya.

Abin da ya fisshe ni bin bakin mai magana ne. Bayan sallar asuba sai in ɗauko shirin 6 Minute English na BBC, ba duka minti shidan ba, minti ɗaya kawai nake yanka. In saurara sau uku ban duba rubutun ba, sannan in buɗe rubutun in ga inda kunnena ya yaudare ni, daga nan in sake kunnawa ina faɗar abin da yake faɗa ina biye da shi kamar mai bin liman, inda ya ja in ja, inda ya haɗiye harafi in haɗiye. Wata biyu na farko na yi kuskure, ban ɗauki muryata a waya ba, ina ganin ai daidai nake yi. Ranar da na ɗauka na saurara na ji duk inda p take f nake furtawa, matsalarmu ce Hausawa. Sai na riƙa kara takarda a gaban leɓe, in p ta fita daidai iska na fashewa lokaci guda takardar ta motsa.

Kalmomi kuma a manhajar Anki nake zuba su, wadda ke dawo maka da su kullum don bita. Da zumuɗi na fara da arba'in kullum, kafin sati uku bita ta taru ta fi ɗari uku na kasa. Na koma goma, kuma kowace kalma da jimlar da na tsince ta a ciki, don kalma tsirara ba ta zama a kai.

Na ci jarrabawar bayan wata goma sha ɗaya. To amma ranar da na fara shiga bas a Glasgow direba ya yi min tambaya, na ce ya maimaita har sau uku, mutane na jira a bayana, na sauka raina a ɓace. A aji ina gane malamai sarai, a titi ne abin ya gagara. Su "i" ɗinsu "ai" ne, ƙaramin abu kuma "wi". Sai na koma gidan jiya, minti ɗaya kullum amma daga BBC Radio Scotland, shirin da jama'a ke bugo waya. Yanzu wata na biyar, jiya dattijuwar da ke maƙwabtaka da ni ta tsare ni a matakala tana ba ni labarin jikanta, sau ɗaya kawai na ce ta maimaita.