Kuɗin shekara da na rubuta a wata ɗaya

Jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara uku ina riƙe da akawun ɗin kamfanin, kuma tunda dai na fita bari in faɗi abin da ya faru a ƙarshen shekarata ta farko, don har yanzu akwai masu gaishe ni da "akantan da ya ɓatar da miliyan 32" suna dariya, alhali ko kwabo bai ɓata ba wallahi.

Waɗanda suka san wurin sun san manhajar makarantu muke sayarwa, ta rizal da biyan kuɗin makaranta, tana zaune a sabarmu, wato babbar kwamfutarmu da ake shiga ta intanet, makaranta ta biya kuɗin shekara gaba ɗaya sai mu buɗe mata. Naira miliyan 1.2 a shekara, da VAT na kashi 7.5 ya zama 1,290,000. Da yake kowa a farkon zango yake biya, a Satumban nan kaɗai makarantu 40 suka turo, alat sai shigowa yake kamar ruwan Agusta. Miliyan 48 ke nan in ka cire VAT.

Da farko na yi daidai fa, wannan shi ya fi min ciwo. Kuɗin kowace makaranta na raba shi, 90,000 na hukumar haraji ne ba namu ba, miliyan 1.2 ɗin kuma na sa shi a akawun ɗin `Deferred Revenue`, wato ɓangaren bashin da ake bin mu. Dalilin ba wani mai wahala ba ne. Telan da ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah tun farkon azumi, kuɗi na aljihunsa amma bai ci guminsa ba sai ya ɗinka, in ya kasa dole ya mayar. Mu ma alƙawarin aikin wata 12 muka ɗauka, duk watan da makaranta ta yi amfani da manhajar mun cika kashi ɗaya cikin 12, sai a ɗebo 100,000 daga bashin a mayar da shi kuɗin shiga. Abin da ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya IFRS 15 ke cewa ke nan tun da ta fara aiki a 2018, ana rubuta kuɗin shiga ne lokacin da aka cika wa kwastoma alƙawari ba lokacin da alat ya shigo ba.

Da oga ya ga rahoton Satumba ya ga miliyan 4 a wurin da yake jiran 48 sai ya kira ni ofis. Ya ce Malam, kuɗin nan sun shigo banki ko ba su shigo ba? Na ce sun shigo ranka ya daɗe, amma na shekara ne. Ya ce shi ya yi shekara goma yana sayar da manhaja kafin in gama jami'a, ran da ya sayar ran yake rubutawa. Kuma abin haushi akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, don a da lasisi yake sayarwa, a ɗora wa mutum a kwamfutarsa a tafi, aiki ya ƙare ranar, wannan kam ana rubuta shi nan take. Amma tamu ta yanzu in muka kashe saba a Fabrairu duk makarantun nan ba su da komai a hannu, to ta yaya za a ce mun gama aiki a Satumba? Na san amsar, na kasa faɗa. Ina sabo, wata biyar da ɗaukata, ga maganar aure a gabana. Na koma tebur na kwashe duka na zuba a kuɗin shiga, ban ce ya turo min a rubuce ba, ko saƙon waya babu.

Daga Satumba zuwa Disamba wata huɗu ne, ke nan kowace makaranta 400,000 muka ci, 800,000 na nan a wuyanmu. Sau 40, miliyan 16 ne halak ɗinmu, miliyan 32 na sabuwar shekara ne. Littafinmu ya nuna ribar miliyan 20, aka raba bonas, aka sayo motar ofis, aka ɗauki sababbin ma'aikata uku. Da masu odit suka zo a Fabrairu, wata 'yar matashiya ce ma, ba ta yi awa ɗaya ba ta gano. Ta jera kuɗin shiga wata-wata ta ga Satumba ya yi tsiri kamar hasumiya sauran watannin a kwance, ta duba ɓangaren bashi ta ga sifili, ta ce Yallaɓai, kamfanin da ke karɓar kuɗin shekara a Satumba ba zai yiwu a ce ba a bin sa komai a Disamba ba. Ta zaro inbois biyar ta karanta kwanan watan farawa da ƙarewa, shi ke nan. Ribar miliyan 20 ta koma asarar miliyan 12.

A mitin ɗin da aka yi da masu hannun jari oga ya kalle ni ido cikin ido ya ce ai shi ba akanta ba ne, abin da aka kawo masa shi ya sa wa hannu. Ni na sha kweri, ni aka hana ƙarin albashi shekarar, shi kuwa har yabonsa aka yi wai ya karɓi gyara. Laifi tudu ne. Ban ce ba ni da nawa ba, hannuna ne ya danna, amma har na bar wurin bai taɓa kirana gefe ya ce yi haƙuri ba.

Ranar da abin ya zauna min a kai sosai kuma ba ranar odit ba ce. Wata makaranta ce ta ce ta fasa a ƙarshen Janairu, yarjejeniyarmu kuma ta ce a mayar da kuɗin watannin da suka rage, wata bakwai, 700,000. Aka duba banki aka ga in an biya albashi ba zai cika ba. Kuɗin da muka yi rawa a kansa a Satumba ashe ajiyar mutane ce muka sa a mota.

Bayan nan na zauna na haɗa jadawali a Excel, layi ɗaya ga kowace makaranta, da kuɗinta ba VAT, da ranar farawa da ranar ƙarewa, da abin da aka ci da abin da ya rage. Duk ƙarshen wata jimlar abin da ya rage dole ta yi daidai da abin da ke cikin leja, in ba ta yi ba ba na tashi, kuma yawanci ko wata makaranta ce ta sabunta ba a sa ta ba ko an yi mata ragi ba a gaya min ba. Lissafi daga ranar da aka buɗe wa makaranta yake farawa, wanda ya biya a Agusta aka buɗe masa a Satumba babu ko sisi a Agusta. Wanda ya fara a tsakiyar wata kuma da kwanaki nake yi, miliyan 1.2 raba 365 kusan 3,288 ne a rana, in ya fara 16 ga Satumba kwana 15 ke nan, 49,315. VAT dai ba ya jiran wata-wata, da an fitar da inbois an jawo shi duka. Duk wanda ya ce ka canza lamba kuma ya rubuto.

Odit biyu da suka biyo baya ba a taɓa wannan akawun ɗin ba ko da naira ɗaya. Jadawalin na nan na bar wa wanda zai gaje ni, na ji ma oga yana nuna wa baƙi yana cewa tsarin da ya kawo ne.